Harafi Biyu da Jakunan Mutumin Fakku

A shekarun farko na mulkin kai ina aikin magatakarda a Tambuwal. Shari'un da alƙalan karkara suka rubuta da Larabci nakan mayar da su Turanci saboda jami'in duba kotuna, wani Bature da ya ji Hausa sarai amma bai san Larabci ba. Ba ni kaɗai ke fassarar ba. Idan takardu suka taru, shugaban akawuna yakan warware su ya raba mana, wannan shafi nawa, na gaba na wani. Na sha faɗa masa cewa Larabci ba ya rabuwa haka, shi kuwa yakan ce aiki ba ya jiran nahawu.

Wata safiya cikin damina na tarar da wata tsohuwa zaune a ƙofar ofis, zanenta duk taɓo. Ta kama gefen rigata.

"Malam, kai ne mai juya takarda? Ɗana anka kama. An ce mutum yas sayar. Wallahi jakkai na, malam, jakkan wansa!"

Na nemo takardun. Ɗanta manomi ne daga Fakku. Wansa ya rasu ya bar matarsa da jakuna. Da matar ta fita takaba sai ya raka ta har Kebbe don ta wuce garinsu, ya kuma sayar da jakunan a kasuwa tun ba a raba gado ba. Dangi suka kai ƙara, alƙali ya ce ya mayar da haƙƙinsu, magana ta ƙare. Amma jami'in ya karanta a fassarar Turanci cewa mutumin ya kai matar wansa kasuwa, "sold her", wato ya sayar da ita. Nan take ya sa aka tsare shi, za a aika shi Sakkwato a kan laifin cinikin bayi.

Da na jera shafukan Larabcin biyu gefe da gefe, sai na ga inda kuskuren yake. Kalmar ita ce "ba'aha". "Ba'a" shi ne ya sayar, "ha" kuwa lamiri ne da ake liƙawa a ƙarshen aikatau ko suna don ya tsaya a madadin abin da aka riga aka ambata. Lamirin mace ɗaya ne, gaskiya. Sai dai Larabawa da shi suke nuna jam'in abin da ba mutum ba, ko jakuna ne, ko littattafai, ko gonaki. Mai fassara ba ya rubuta komai sai ya koma baya ya lissafa duk sunan da lamirin zai iya komawa kansa, sannan ya auna su da ma'anar zancen. Jakunan suna layin ƙarshe na shafin farko, wanda wani akawu ya fassara. Wanda aka ba shafi na biyu bai gan su ba. Ya waiwaya, ya ga mace ɗaya tak a takardarsa, ya ɗora mata.

Na je wurin shugaban akawuna. Ya ce takarda ta riga ta sha hatimi.

"Ranka ya daɗe, mutum ne fa za a ɗaure."

"To kai malamin nahawu, je ka koya wa Bature alif da ba. Ni ba ni ciki."

Alƙalin Kebbe ba zai yi amfani ba, domin jami'in yana zargin shi ne ya rufe babban laifi da sunan rikicin gado. Sai matar kanta, ko wanda ya sayi jakunan. Na ari keke na kama hanyar Kebbe, rabin tafiyar ni ke ɗauke da shi a kafaɗa saboda laka. A kasuwa na sami dillalin da aka yi cinikin a hannunsa. Da ya ji an ambaci bayi sai ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ni ban san kowa ba. Ban ga jaki ba, ban ga mace ba. Malam, ina da iyali."

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, har na ɗaga murya mutane suka taru. Bai juyo ba. Matar kuma an ce ta haye gulbi zuwa wajen danginta tun kafin ruwa ya cika, ba wanda ya san ƙauyen, masu fito kuma sun daina ƙetarawa. Na dawo Tambuwal hannu wofi. Tsohuwar tana nan inda na bar ta. Ta dubi fuskata, ta gane ban samo komai ba.

Ranar da motar fursunoni za ta tashi na shiga wurin jami'in ba tare da an kira ni ba. Na shimfiɗa masa shafukan, na bayyana ƙa'idar. Ya saurara da haƙuri, sannan ya ce, "Malam, tambaya ɗaya. Wannan kalma, za ta iya nufin matar ko ba za ta iya ba?"

Ta taga ina hango tsohuwar. Da na ce ba za ta iya ba, wataƙila da an sauke ɗanta a take. Amma ba haka Larabci yake ba, kuma ba a ɗauke ni aiki don in tanƙwara shi ba.

"Kalmar ita kaɗai, za ta iya. Amma ba ita kaɗai ba ce a takardar. Dubi layi na gaba."

An rubuta cewa kaya suna "ala zuhuriha". Akawun ya fassara shi da cewa kayan suna a bayanta. Na ce, "Ranka ya daɗe, baya ɗaya 'zahar' ne. 'Zuhur' jam'i ne, baya da yawa. Lamirin nan ɗaya ne da na farko, abu guda suke nunawa. Mace ɗaya bayanta nawa? Kuma a ƙasar nan ka taɓa ganin mace ta ɗauki kayan kasuwa a baya? A ka take ɗauka. Abin da ya kamata a rubuta shi ne 'sold them'."

Ya ce, "Magatakardan karkara ba sa kuskure a jam'i?"

"Suna yi."

"To ka gani."

"Amma ba a ɗaure mutum don wataƙila wani ya yi kuskure!" Ban tsaya nan ba. Na ce ya tsare ni a madadin mutumin har a sami matar. Ya ce in zauna. Na ƙi.

Iyakar abin da na samu shi ne ya yarda in sake fassara shafukan biyu a haɗe, a aika tawa da ta farko zuwa Sakkwato malamai su duba. Na rubuta a tsaye, injin mota yana ruri a waje. Duk inda "ha" ta zo ban sa lamirin Turanci ba, na rubuta sunan jakunan ɓaro-ɓaro, na kuma nuna a gefen takarda layin da na samo su. Da na fito an riga an hau da ɗan tsohuwar mota, hannuwansa a ɗaure. Uwarsa ta bi motar da gudu har ta faɗi a bakin kasuwa. Ni na ɗaga ta.

Amsa ba ta zo ba sai da gero ya nuna. Layi ɗaya ce: lamirin na jakuna ne, a sake shi. Ya sauka daga mota a rame, yana tari. Gonarsa ciyawa ta cinye ta a wannan shekara. Ya gaishe ni a taƙaice, ya tambayi inda uwarsa take, na ce tana gidana tun tafiyarsa. Suka kama hanyar Fakku a ƙafa, tana riƙe da hannunsa.