Ginshiƙin da ke Ƙyalli

Talle ɗan Jiratawa ne, kuma sunansa ya riga ya ba da labarinsa, domin uwa da uba duk sun tafi tun bai san hannun damansa ba. Wansa Jatau ne ya raine shi, daga baya matar Jatau, Uwani, ta ɗora. Ɗan fegin da suka gada bakin kanal, magudanar ban ruwa, ba ya wuce tsawon jifa, zogale ne a ciki da ɗan albasa, ga 'ya'yan Jatau suna ta ƙaruwa. Da aka fara maganar zinariya a kudu, wajen iyaka, sai suka bar wa Uwani ban ruwa suka bi mutane.

Aikin ba wani asiri gare shi ba, sai wuya. Ana haƙa rami a miƙe kamar rijiya, da matakai sassaƙe a bango. In an iske jijiyar farin dutse, sai a bi ta a kwance, mutum yana rarrafe da fitila ɗaure a goshi. Dutsen da aka fasa a jawo shi da igiya, a kai injin niƙa, a wanke garin a ƙwarya, a zuba zaiba ta tsotse abin da ke ciki, a ƙone ta. Abin da ke saura sau da yawa bai kai ƙwayar gero ba. Talle ya yi watanni yana wannan aiki bai taɓa ganin zinariya da idonsa a jikin dutse ba. Doka ɗaya ce kowa ya sani a ƙasa: duk inda aka yi kwance, ana barin ginshiƙi na dutse a tsaye, shi ke riƙe rufin. Ba a taɓa shi, ko da mutum ya ga abin da ya gani.

Wata Laraba Talle yana can ƙasa inda jan dutse ya ƙare, tokatoka ya fara, sai fitilarsa ta haska gefen ginshiƙin, inda wani ɓarɓashi ya zubo da kansa. Wani abu a wurin ya mayar masa da haske. Rawaya ne, ƙwaya-ƙwaya, kowace da kusurwa huɗu kamar an yanka sukari. Ya sa kurfi ya ɓalle dunƙule guda, ya cusa a wando, ya shafe wurin da laka.

To, a nan ne wautar ta shigo, kuma ba wautarsa ba ce shi kaɗai. A wurin haƙa kowa ya yarda zinariya dukiyar iskoki ce, in ka ambace ta a fili ko ka nuna wa idon da bai kamata ba, sai ta gudu cikin ƙasa. Akwai tsofaffin hannu a wurin da kallo ɗaya zai ishe su su faɗa masa ko mene ne. Bai nuna wa kowa ba sai Jatau, a bayan bukka, da raɗa.

Jatau ya juya dutsen a tafinsa.

"Akwai saura?"

"Cike yake, Yaya. Amma cikin ginshiƙi ne."

Jatau ya mayar masa da dutsen. Sannan ya ce, "Tahi Tibiri wurin Kaka ta ɗaure muna shi kada ya gudu. In ta ce ya zamna, ka kira ni. Ran Juma'a kowa na tahiya masallaci, ni ko sai in sauka in ɗan ci gehe guda. Ba duka ba, gehe guda."

Kaka Kande uwar uwarsu ce, tana zaune a wani ƙauye daf da Tibiri, kuma ba ta taɓa sakin al'adar gidansu ba. Talle ya iso wurinta ran Alhamis da jar kaza. Tsohuwar ta ajiye dutsen gindin tsamiya, aka yanka kazar, ta yi ta shure-shure, ta mutu a rigingine. Kande ta ce an karɓa. Ba ta ce zinariya ce ba, a yi mata adalci, domin ba a tambaye ta ba. Talle ya fito da salula tun jinin bai bushe ba ya ce wa wansa, "Ya zamna, Yaya. Sauka."

Da hantsin Juma'a ya shiga Maraɗi don ya sayar da dutsen, kasuwa tana ci, 'yan kabu-kabu suna ta kutsawa. Aka kwatanta masa rumfar Maman Lawali a Sabon Gari, maƙerin fari ne mai sayen zinariya, wanda shi ma ya yi haƙa a arewa har ƙirjinsa ya hana. Talle ya jira wata mata ta karɓi 'yan kunnenta ta tafi, sannan ya kwance tsumman da ya naɗe dutsen a ciki.

Maman Lawali bai ko gyara zama ba. Ya ɗauki dutsen, ya ɗan jefa shi sama ya cafe.

"Samari, in da zinariya ce mai wanga girma, da ta ja mini hannu ƙasa. Ta hi wanga nauyi ninki kusan huɗu."

"An yi mishi yanka, Baba," in ji Talle. "An karɓa."

"To. Matso ka gani."

Ya ɗauko ɓarin farantin tangaran, ya kife shi, ya goga dutsen a gindin da ba shi da santsi. Layin da ya fito baƙi ne mai ɗan kore. Ya goga wani zobe kusa da shi, layi rawaya ya kwanta. Ya sa wuƙa ya karci dutsen, wuƙar ta zame ba ta bar ko alama ba, alhali ta shiga jikin zoben kamar sabulu. Ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya ɗora a maƙera ya sauke mata guduma. Ta tarwatse ta zama baƙin gari.

"Zinariya ba ta hwashewa," ya ce. "Lanƙwasa takai, ta baje kamar ganye. Kuma ba ta yin wanga kusurwa."

Talle dai bai saki ba. Ya ce ko a gwada da wuta. Maƙerin ya kyasta dutsen da bayan zarto, tartsatsi ya tashi. Ya zuba garin a kan garwashi ya ja zugazugi. Wani hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ya taso, warin ashana sak, har Talle ya kau da kai yana tari. Abin da ya rage a kan garwashin ja ne kamar tsatsa.

"Ƙarhe ne da hwarar wuta, sunka haɗu. Masu lakkwal, 'yan boko, na ce mishi pirit. Ko zaiba ba ta kama shi. Wani lokaci akwai 'yar zinariya ɓoye kusa da shi, shi ya sa ba a raina wurin da ya hito, amma shi kanshi ko goro ba a ba ka." Ya dube shi da ɗan tausayi. "Kada ka ji kunya. Ni ma na yi mishi rawa sa'ad da nike kamarka. Sama ba ku ganinshi don ruwa ya riga ya cinye shi, sai jan dutse mai 'yan ramu. Ina ka ɓalle shi?"

"Jikin ginshiƙi."

Fuskar maƙerin ta canza. "Ginshiƙi? Ramin na da danshi?"

"Ruwa na tsattsahowa. Ja, yana cin hannu."

"Wanga ruwan daga shi ne. In iska da ruwa sunka same shi, ruɓewa yakai, ya saki tsami mai cin dutse. Ginshiƙin da yake ciki, ido na ganin dutse amma ciki ya rigaya ya tsattsage. Ka hwaɗa ma mai rami a sa itace, kada kowa ya ko jingina da shi."

A daidai nan ladan ya ɗaga murya, kiran farko.

Talle bai tuna ya yi sallama ba. Ya kira salular Jatau, ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, domin ba a sauka da ita, a bukka ake bari. Ya kira mutum biyu da suke aiki tare, duk a kashe, suna masallaci. Ai shi ya sa aka zaɓi ranar. Ya tare ɗan kabu-kabu ya ce kudu, ya ba shi duk abin da ke aljihunsa. Hanya ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba. Yana bayan moto yana dannawa, yana roƙon Allah, yana roƙon iskokin Kaka, yana roƙon duk mai ji, ya sa Jatau ya yi nawa ko tsoro ya kama shi. Amma ya san wansa. Mutum ne da in ya ce zai yi abu don yara, ba ya jinkiri.

Tun daga nesa ya ga taron. Bakin ramin yana nan yadda yake, ƙasa ce kawai ta lotsa a gefe, kamar an danna tuwo da babban yatsa. Mutane sun dawo daga salla sun tarar da takalman Jatau a bakin rami. Sai bayan la'asar aka kai gare shi. Buhu yana ƙarƙashinsa, ya kusa cika. Gashinsa, girarsa, har cikin kunnensa duk ƙyalli ne. Wani tsohon mahaƙi ya buɗe buhun, ya duba, ya tofar da yawu ya juya baya. Talle ya ga haka, ya san da ya nuna wa wannan mutum ran Laraba, da yanzu Jatau yana cin abinci.

An rufe shi a Jiratawa. Talle ya koma ban ruwa, ba ya magana da kowa. Abin yana cinsa ba dare ba rana, kuma abin da ya fi cinsa muryarsa ce a salula tana cewa sauka.

Bayan sadakar bakwai, yana zaune bakin kanal, Uwani ta zo da mayafin takaba. Ta tsuguna nesa kaɗan, ta kwance bakin zane, ta fito da gwangwanin tumatir. Da za ta wanke rigar mamacin, in ji ta, sai ta ga abin ya maƙale a aljihu da ɗinki. Ta kakkaɓe shi a faifai, ta tsince ƙwaya-ƙwaya, ko ɗaya ba ta bari ya faɗi ƙasa ba.

"Ga abin da wanka ya bar ma yara," ta ce. "Na san ba banza ya tahi ba. Kai ka san inda ake saidawa."

Talle ya karɓi gwangwanin. Ba shi da nauyi. Ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya ga tun ranar da aka kawo gawa yau ne kawai idonta ya bushe.

"A aje shi, Yaya Uwani," ya ce. "Sai kin hita takaba."

Ta gyaɗa kai, ta karɓa, ta ɗaure shi tam a bakin zane, ta tafi ɗora tukunya.