Jaririn da ke cinyar mai doka

A gidanmu na Mahuta akwai wani hoto da ya daɗe rataye a zaure, daidai inda ranar la'asar ke faɗowa. Mutum uku ne a ciki: namiji a tsaye da rawani, mace a zaune kan kujera, da jariri a cinyarta. Gwaggo, yayar mahaifina, ta ce kakanninta ne, jaririn kuma mahaifinta, wato kakana. Ta ce a Ikko aka ɗauka, can bakin teku, a wata tafiya ta fataucin goro, tun Turawa ba su ci Kano ba. Matar nan ita ta yaye Gwaggo, ita ta raine ta.

Baffa, ƙaninta, dariya yake yi. Shi a wurinsa a Funtuwa aka ɗauki hoton bayan zuwan jirgin ƙasa, a barandar Baturen auduga, kuma wasu baƙi ne da suka taɓa sauka a gidan. Kowa a gida ya san kakana yana kiwon awaki ranar da labarin cin Kano ya iso. In dai hoton na zamanin jirgi ne, a lokacin magidanci ne da 'ya'ya, ba zai zama jaririn ba.

"Yaya, tsufa ne ke kawo miki labarai," in ji shi a gaban kowa.

Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo. Ina koyarwa a firamare a Malumfashi lokacin, hutu na zo, kuma an san ni da rashin barin magana. Hoton sai dushewa yake, fuskar matar ta fara komawa ruwan ƙasa, ga idon Gwaggo ya yi rauni. Na ga za su ɓace tare, a bar maganar Baffa. Washegari na sauke hoton, na naɗe a farin mayafi, na hau mashin.

Maska na fara zuwa, wurin wani tsohon masaƙi. Na miƙa masa gilashin ƙara girma da na aro a makaranta. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce rigar saƙi ce, ƙwarya-ƙwarya, wato ƙyallaye sirara, aka harhaɗa da ɗinkin hannu, wandon kuma buje ne, rawanin da ke sheƙi turkuɗi, duk kayan mutanen da. Zanen matar ya ƙirga min ratsinsa: baƙi uku, fari ɗaya siriri, baƙi biyu, fari mai faɗi. Har na fara murna, sai ya ce, "Malama, kada in cuce ki. Tsoho kan mutu da rigar ƙuruciyarsa. Kaya kaɗai ba sa yanke shekara." Haba, kamar in yi kuka!

Shi ya tura ni wani ƙauyen Maguzawa a bayan Tsiga, wurin wata tsohuwa mai kitso. Tana ganin kan matar ta buga cinya ta ce, "Doka! Irin mai tsayin nan da ake cusa wa tsumma a ciki." Ta nuna min cewa babu riga a jikin matar, ɗaurin ƙirji ne kawai da wani zane a kafaɗa, ga munduwa mai kauri a kowane hannu. Ta ce ita kakarta ta gani da wannan kitso, kuma matar da ke hoton yarinya ce ɗanya shakaf. Tsohuwa na iya riƙe tsohon yayi, amma mai jegon fari yayin zamaninta take bi. Wannan magana ta shige ni.

Saura barandar Baffa. A cikin mota zuwa Funtuwa na sa gilashin a kan ginshiƙin da ke bayan kujera, sai na ga ƙasansa ya tattare. Ginshiƙi da tattarewa? Na bi gefen da ido, ga bakin ƙyalle ya ɗan naɗe. Ashe ba baranda ba ce, labule ne aka zana wa gini. Na yi shewa har direba ya waiwayo.

A Funtuwa na shiga shagon wani dattijo mai hoto. Yaronsa ya ce a bari ya sa masa launi, ya rufe da leda a injin zafi, zai yi shekara ɗari. Dattijon ya daka masa tsawa, ya wanke hannu, ya tsane, sannan ya zare hoton daga gilashi yana riƙe gefe-gefe. Ya nuna min takardar siririya ce ƙwarai, an manna ta a kan kwali mai kauri, fuskarta na ɗan sheƙi da tsaga ƙanana, farinta ya yi rawaya. Ya ce irin wadda ake shafa wa farin ƙwai ce, kuma an bar yayinta tun kafin jirgi ya zo nan, lokacin an koma takarda mai kauri irin ta kati. Hannun jaririn da ya yi hazo, motsi ya yi, don a wancan zamani sai an daskare kafin hoto ya kama. Da ya haɗa da labulen da abin da tsofaffin nan suka faɗa, ya ce ƙarshen ƙarni na sha tara ne, kuma a bakin teku, don a lokacin babu mai wannan sana'a a ƙasarmu.

Sai ya yi min faɗa kamar ni na rataye shi. Rana ke cinye shi, da laimar bango da damina, da hayaƙi. Kada leda mai zafi ta taɓa shi, kada gam ko salatif, kada a goge da ruwa. A sa shi tsakanin farar takarda mai kyau ta auduga, ba jarida ba, a kwantar a akwati a ɗaki mai sanyi, nesa da ƙasa da kwanon rufi. Bayani a rubuta da fensir a wata takarda daban. Ya ɗauki hoton hoton, ya ce zai wanke babba, shi za a rataye.

Da na koma na zayyana komai a tsakar gida. Baffa ya ja gemu ya ce, "To, tsoho ne, na yarda. Amma wa ya ce namu ne?"

Don haushi kawai na shiga maimaita ƙirgen masaƙi: baƙi uku, fari siriri, baƙi biyu, fari mai faɗi. Gwaggo ta ɗago kai.

"Sake faɗa, 'yar nan."

Na sake. Ta ce a ɗauko mata adudunta. Daga can ƙasa ta zaro wani tsohon saƙi mai ƙanshin jimawa, wanda kakarta ta bar mata. Idonta ya daɗe ba ya kaiwa ga zanen da ke hoton, mu masu ido kuma ba mu taɓa dubawa ba. Na ba Baffa gilashin na ce ya ƙirga da bakinsa. Ya ƙirga a hoto, ya ƙirga a zane. Har facin da ke bakin zanen yana nan a duka biyun. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki yafe mini." Wallahi daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko ranar da na ci jarrabawa.

Bayan mako biyu babban hoton ya iso. Na kai wa Gwaggo bakin ƙofa inda haske yake. Ta kawo shi dab da hancinta, ta daɗe a haka, sannan ta ce, "Inna, ga ki." Ta juya wajen Baffa, ta ɗora yatsa a kan jaririn.

"Zo ka gai da ubanka."