Kunnen da ya rage wa Ɗayyabu

Da sunan Allah, wanda ya yi mana ji kafin mu san abin da za mu saurara. Ina rubuta wannan ne game da Ɗayyabu, ɗaya daga cikin masu zama gabana a karatun bayan la'asar a masallacinmu na Panshekara, domin ban ga ya dace labarinsa ya tsaya a bakin 'yan unguwa kaɗai ba.

Mutumin ƙasar Ringim ne, a bakin kogi ya tashi, ya iya nutso tun bai iya ɗaure wando ba. Yana saurayi ya yi gasar nutso da tsaransa, ya faɗa da ka cikin gurbi mai zurfi, ya fito kunnensa na hagu yana jini. Aka ɗura masa mai da sassaƙe, ciwon ya ruɓe, kunnen ya mutu. Da na dama kaɗai ya zo Kano, ya sami aiki a wata masaƙa a Challawa.

Bai iya karatu ba, boko ko ajami. Duk abin da ya sani na addini ta wannan kunne ya shiga. Kullum yana zama ta hannun hagu a gabana, ya karkato kai kamar mai sauraren ƙasa, abin da na faɗa sau biyu kuwa ya zauna masa. Yana tattalin kunnen nan fiye da yadda wasu ke tattalin 'ya'yansu. Abokan aikinsa suna jefar da robar toshe kunne da ake raba musu saboda ƙarar injin, shi kuwa tasa tana rataye a wuya, har suna ce masa mai laya.

Duk da haka bai bar ruwa ba, domin idan wani ya nutse a rafi ko kududdufi, shi ake nema. Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoro. Ya bayyana mini cewa ruwa yana danna dodon kunne daga waje, kuma dannawar tana ƙaruwa tun daga kamu biyu ko uku na farko. Ya ce akwai wata siririyar hanya daga bayan hanci zuwa bayan dodon, wadda iska ke bi ta tare wannan nauyi. Saboda haka shi ba ya faɗawa da ka. Igiya yake bi, ƙafa a ƙasa, kai a sama, ya matse hanci ya hura a hankali ko ya haɗiyi yawu, tun yana saman ruwa, sannan a kowane kamu, tun ciwo bai zo ba. In ya ji zafi sai ya ɗan hau sama ya sake gwadawa. In ya ƙi buɗewa sai ya fito. Ya ce abu biyu ne haramun ɗin mai nutso: hura da ƙarfi, da shiga ruwa da mura, domin mura tana kumbura hanyar nan ta toshe ta. Na yi masa gyara cewa kalmar haramun tana da masu ita. Ya yi dariya ya ce to a rubuta makaruhi mai kisa.

A daminar bara, wani abokin aikinsa mai suna Sagir ya tashi daga aikin safe, ya je wanka a wani tsohon rami da aka haƙi ƙasa bayan masana'antu, wanda ruwan sama ya cika, bai fito ba. Aka yi ta jan ƙugiya daga kwalekwalen masu yashi, ba a dace ba. Aka aika wa Ɗayyabu, ni ma aka kira ni saboda sallar gawa.

Da Ɗayyabu ya iso, muryarsa na fara lura da ita. Mura ce ta kama shi kwanaki, ta hanci yake magana. Wani ya miƙo masa robar toshe kunne don kada ruwa ya shiga, ya mayar masa, ya ce wannan ta inji ce, a ruwa iska take kullewa a ƙofar kunne har dodon ya tsage. Suka saki igiya da dutse, ramin ya kai gaba huɗu. Ya sauka, bai jima ba ya fito. Ya sake, ya fito. Ya zo bakin ruwa ya ce mini a hankali kunnen ya ƙi buɗewa.

Na gaya masa abin da na sani: shari'a ba ta ɗora masa wannan ba, rai da gaɓoɓin mai rai sun fi gaggawar binne mamaci nauyi, gawa kuma tana tasowa da kanta bayan kwana ɗaya ko biyu. Ya saurara har na gama, kamar yadda ya saba. Amma idonsa yana kan mahaifin Sagir, wani tsoho da ake kira Baffa, wanda ke tsugune a gefe da likkafani naɗe a cinyarsa. Tsohon bai roƙi kowa ba. Yana dai kare ƙyallen da hannu kada yayyafi ya jiƙa shi.

"Allah ya gafarta Malam, na ji," in ji Ɗayyabu. "Amma ku dube shi. A nan zai kwana."

Na ce, "Za mu kwana tare da shi. Kai dai ka fito."

Ya juya wajen igiyar. Na riƙe hannunsa jiƙaƙƙe, ya zame daga nawa ba tare da ya fizge ba, ya koma cikin ruwan. Ban san wata hujja da ta wuce wadda na kawo ba, ƙarfin riƙe shi kuma ba ni da shi.

Abin da ya faru a ƙasa daga baya ya faɗa mana. A rabin igiya zafin ya soke shi, bai hau ba, ya matse hanci ya hura da iyakar ƙarfinsa. Ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin kansa, sai ƙara, sai ruwan ya fara juyawa da shi. Da lalube ya sami ƙafar Sagir kusa da dutsen, ya zura mata zarge, ya biyo igiya domin ya daina sanin ina ne sama. Aka jawo shi cikin kwalekwale yana amai. Kafin magariba mun binne Sagir.

Ɗayyabu ya kwanta a gida yana cewa jiri ne, zai wuce. Matarsa Badi'a ta yi ta fama da shi kafin ya yarda aka kai shi asibiti. Likita ya ce da dodon ne kawai ya tsage, sau da yawa yana haɗewa. Amma hurawar nan ta yaga wata fata siririya can ciki, inda ji yake, kuma da an zo a ranar, da akwai abin gwadawa. Jirin ya lafa daga baya. Jin bai dawo ba, sai wata ƙara da ya ce kamar injin masaƙa ne da ba a kashewa.

Har yanzu yana zuwa karatu, yana zama a wurinsa, yana karkato kai bisa sabo. Na aske gashin bakina sosai don ya ga leɓena, ina kuma jan kalma a hankali, amma na san kaɗan ke isa gare shi. Na sa aka yi masa allo, muka fara da alif. Hannunsa da ya saba da igiya yana karya alƙalami. A sallah yana kallon ƙafar na kusa da shi don ya san an yi ruku'u.

Ranar nan bayan an watse ya matso, ya yi magana da ƙarfi kamar yadda kurame ke yi.

"Malam, babin da muka tsaya kafin ranar Sagir, an wuce shi?"

Mun wuce shi tun da daɗewa. Na buɗe baki zan gaya masa cewa zan maimaita masa, sai na tuna. Na ɗauki allon, na duba 'yan haruffan da ya sani, ban ga waɗanda za su ishe ni rubuta amsar ba.