Alkakin Ƙawata ta Maigatari

Shekarata ta biyu da aure a Gumel ƙanwar mijina ta samu ciki. Turawa ba su daɗe da zuwa ƙasar ba a lokacin, ko mota ba mu taɓa gani ba. Na gaya wa surukata ni zan yi alkakin suna. Ban taɓa yi ba, amma ina da ƙawa a Maigatari, garinmu, wadda tare muka tashi, kuma kowa ya san alkakinta. Da ta zo mini ziyara da kaka na tambaye ta, ta lissafa mini muna tsince gyaɗa: ɓarzajjiyar alkama tafi goma, man shanu ludayi ɗaya, nono mai tsami ƙoƙo ɗaya. A murje alkamar da man, a kwaɓa da nonon, a rufe ya kwana biyu, a zuba ruwan kanwa cokali uku, a naɗa, a soya, a tsoma a zuma.

Allah ya taimake ni na gwada tun da sauran wata guda. Alkama ba ta yi a jigawarmu, daga Haɗeja fatake suke kawo ta, don haka na auna a tsanake. Na bi duk abin da ta ce. Kwaɓin ya yi ruwa, da ƙyar na naɗa. Ina sakawa a mai ya watse kamar tsaki, ɗan abin da na tsamo kuma baƙi ne, yana ɗacin kanwa. Na zauna gaban murhu ina hawaye.

Surukata ta ɗanɗana, ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "'Yar nan, wannan ba rashin iyawa ba ne, awo ne. Ki bi mijinki ranar kasuwar Maigatari ki tambayo."

Muka tafi a kan jaki. Na iske ƙawata tana surfe. Da na ba ta labari sai ta ajiye taɓarya ta ce, "Ke, miƙo hannunki."

Ta ɗora tafinta a kan nawa. Doguwar mace ce, yatsunta sun wuce nawa da gaɓa guda. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo ƙawata, laifina ne! Tafinki goma ai bai kai nawa bakwai ba. Da wane ludayi kika auna man?"

Na ce, "Da na shan fura."

"Ni kuwa ƙaramin na miya nake nufi. Alkama ta yi kaɗan, mai ya yi yawa, yaya ba zai watse ba? Kanwar fa?"

Na ce na jiƙa dunƙule guda a ɗan ruwa, na ɗibi cokali uku. Ta dafa kai ta yi salati.

Ranar ba ta koma kan surfen ba. Ta ɗauko sabuwar ƙwarya ta zuba alkama tafi goma da hannunta, ta girgiza ta kwanta daidai, ta sa wuƙa a wuta ta zana layi a cikin ƙwaryar, daidai inda alkamar ta tsaya. Sannan ta ciro busasshen duman ludayi daga rufin ɗaki, mijinta ya tsaga mana shi biyu daidai, ta kankare cikin. Ta gwada da tsohon ludayinta, ta rage bakinsu da wuƙa har suka ci daidai da shi. Ta riƙe ɗaya ta ba ni ɗaya, ta haɗa mini da ƙwaryar.

Ta ce, "Mai, wannan cike ɗaya, narkakke, ba daskararre mai tozo ba."

Ƙoƙon nononta muka juye a sabon ludayin muna ƙirgawa, ya ba da huɗu. Kanwa kuma ta ce in gutsuro kamar ƙwayar gurjiya, in jiƙa a ruwa ludayi ɗaya, in bari ta kwanta, in riƙa zuba na saman kaɗan-kaɗan ina ɗanɗanawa har tsamin ya faɗa, domin nono ma wani ya fi wani tsami. Ta sa na maimaita mata sau uku. Da za mu rabu ta ƙulle mini sauran alkamarta a tsumma, ta ce ta gwaji ce, kada in taɓa ta suna.

Gwajin ya yi. Na sunan ma ya yi, ja-ja, ya sha zuma har ciki. Ƙanwar mijina ta haifi 'ya mace, mata suka cika gida, surukata tana bin su da akushi tana cewa, "Matar ɗana ce ta yi."

Na ware guda shida na rufe da faifai, na ba mijina ya kai Maigatari. Da ya dawo na tare shi tun a zaure na ce, "Me ta ce?"

Ya ce, "Ta ci biyu a tsaye, ta ɓoye huɗu kada yara su gani. Ta ce in gaya miki nan gaba ki rage wuta kaɗan."