Maman Biyu da Ɗakin Baya

A shekarar 1978 na fara sanin Maman Biyu, lokacin da na kama hayar ɗakin baya a gidan da suke. Ina akawu a lokacin, ban daɗe da rasa matata ba. Gidan dogo ne kamar akwatin ashana: ɗakuna a jere, tsakar gida siririya, ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar akwai rumfar kwano inda mijinta, Mai Fenti, yake buga jikin motoci yana yi musu feshi. Ɗakinsu shi ne na farko, bango ɗaya ya raba gadonsu da injin iskar feshin.

Tela ce, doguwa, marar yawan magana, hannunta a ɗinki kamar rubutun malaminmu na mishan, ba layin da ke karkacewa. Amma tana da ciwon ɓarin kai. Idan zai zo, sai ta ga wani ƙyalli yana rawa a gefen ido, daga nan gefen kanta ɗaya ya fara sara, zuciyarta ta tashi. Sai ta rufe keken ɗinki, ta kwanta da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, wani lokaci har washegari. Abu uku ke tayar mata da shi: ƙarar guduma a kan ƙarfe, warin fenti, da hasken rana idan ya daki kwanon rumfa ya faɗo ta tagarta. Ukun nan kuwa daga rumfar da ke ciyar da ita da tagwayenta suke fitowa.

"Akawu," ta taɓa ce mini muna jiran layin famfo, "in na ji gudumar nan kaina ya tsage. In kuma ta yi shiru, cikin yara ya yi kuka. Wanne zan roƙa?"



Mai Fenti mutumin kirki ne, yana son matarsa. Da ciwon ya tsananta har aka kwantar da ita a asibiti, ya ƙudura ba za ta dawo ta tarar da ɗakin yadda ta bar shi ba. Ya ɗauko ragowar farin fentin mota, mai sheƙi, ya feshe bangon tas. Ya cire ƙaramin ƙwan fitilar da ke ciki ya sa dogon ƙwan lantarki, irin mai ƙyaftawa yana ƙugi. Da warin ya ƙi fita, ya sayo turaren fesawa ya zazzage rabin gwangwani. Ya kira ni in gani.

"Yaya ka gani, Akawu? Ko ɗakin likita albarka!"

Ni ma na yaba, don a lokacin ban fi shi sani ba.

Ta dawo da rana tsaka, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi bangon da ke walƙiya kamar sabon faranti, ta dubi mijinta yana murmushi da fenti a gemu. Ta ce, "Sannu da aiki, Baban Biyu." Ta shiga, don kada ta kunyata shi. Kafin la'asar muna jin amanta daga tsakar gida.

A makon nan yayanta ya zo. Direban babbar mota ne, muryarsa ma kanta guduma ce.

"Kai, ƙanwata mota ce da za ka sa ta a ɗakin feshi? Saura ka ɗaura mata lamba a baya!"

"Yaya, gyara na yi," in ji Mai Fenti.

"Gyaran gangar auzinawa. In na dawo daga tafiyar nan ban ga sauyi ba, zan ɗauke ta. Yara kuwa makarantarsu na nan, sai ka riƙe abinka."

Daga cikin ɗaki ta ce a hankali, "Yaya, don Allah rage murya." Ba ta ce za ta bi shi ba, ba ta ce ba za ta bi ba. Tashi daga gidan ba zai yiwu ba, don rumfar da ɗakin haya ɗaya ce, kuma duk masu motoci nan suka san shi.

Suka koma wajen ma'aikaciyar jinyar da ta duba ta a asibiti, ita da mijinta. Ta ce musu ciwon ba ya warkewa da gyaran ɗaki, amma ana iya rage masu tsokano shi. Ta gargaɗe ta kan ƙwayar ciwon kai da take sha kusan kullum, ta ce yawan shanta ma yana dawo da ciwon. Ta kuma hana ta zama cikin duhu dare da rana, don ido yana ƙara kasa jure haske. Duhu na ranar ciwo ne, sauran ranaku haske mai laushi.

Suka yi abin da za su iya. Mai Fenti ya yanka tsohuwar taya ya ɗora injin a kai, girgizar da ke bin bango ta ragu. Ya daina shiga ɗaki da kayan aiki, yana tuɓe su a rumfa ya yi wanka tukuna. Aka jefar da turaren, aka sauya sabulu zuwa marar ƙamshi, aka maye gurbin maganin sauro mai hayaƙi da gidan sauro. Dogon ƙwan ya sauka. Amma fentin bango yana nan yana fitar da wari, tagar kuma ɗaya ce, tana kallon rumfa. In ta buɗe, feshi da ƙyalli su shigo. In ta rufe, warin bango da zafi su shaƙe ta.

Ɗakina yana can ƙurya, tagarsa tana kallon bayan gida inda wata bishiya ke tare rana, iska kuma daga can take shigowa. Ni da safe nake fita, sai yamma. Na ce mu yi musayar ɗaki. Mai Fenti ya yi ta godiya har na ji kunya. Ita ko kallona kawai ta yi, ta sunkuyar da kai.

Da yayan ya dawo, ya tarar da ita a ɗakin baya tana ɗinki kusa da taga, da labule mai kauri an ja shi rabi, darduma a ƙasa tana shanye amo. Ya zagaya, ya shaƙi iska, ya ce, "To." Ya tafi shi kaɗai. Ciwon bai bar ta ba. Yana zuwa, sai dai ba kamar da ba, kuma in ya zo akwai inda za ta rufe ƙofa. Tsakar gida da bakin titi suka zama wuraren da take ratsawa da sauri, mayafi a hanci, ido a ƙasa. Duniyarta ta koma ɗakin nan, a ciki ta yi wa tagwayen ɗinkin makaranta har suka gama.

Ni kuma na gane abin da ta sha. Ranar Asabar, da ba na zuwa ofis, gudumar takan shiga har haƙorana, kwat ɗina kuma ya ɗauki wari har abokan aiki suna tambaya ko na sauya sana'a. Ban faɗa wa kowa ba.

Wata Litinin na dawo na tarar da labule mai ninki biyu a tagata, da wani dogon matashi siriri cike da yashi kwance a ƙarƙashin ƙofa ya toshe kafar. Kwat ɗina na Lahadi yana rataye cikin riga ta yadi mai maɓalli, an ɗinke ta daidai tsawonsa. Ɗan makullin da nake bari don masu shara yana kan ƙusarsa. Na dubi ɗinkin, ba layin da ya karkace.

Da safe na same ta a famfo, na buɗe baki zan yi magana.

"Akawu," ta ce, "bokitinka ya cika, matsa mini."