Kujera Goma Sha Takwas Zuwa Meiganga

A mahautar Garwa ni ne mai ilimi. Na yi shekara huɗu a lakkol, makarantar boko, biyu daga ciki a aji ɗaya, domin malamin ya ji daɗin zama da ni har ya ƙi sakina. Da wannan ɗimbin karatu nake ɗaukar biro a aljihun gaba, mahauta kuma suke kirana Metir, kamar yadda yara ke kiran malaminsu. Na san da izgili a ciki, amma ban taɓa ƙin amsawa ba.

Shekarar da gazuwal, man manyan motoci, ya koma sefa ɗari bakwai da ashirin lita ɗaya, wani dillalin shanu na Meiganga ya dawo daga Makka. Shi ke ba yawancinmu shanu bashi, don haka ƙaunarsa ta cika mana zuciya ƙwarai. Sarkin fawa ya ce dole a je a yi masa barka da sauka. Aka tambayi kuɗin motar kamfani, kowa ya ji, kowa ya yi tari. Sai na miƙe na ce mijin 'yata yana da bas mai kujera goma sha takwas, zai kai mu ya dawo da mu, mai kawai za mu zuba masa.

Ban tambaye shi ba kafin in yi alkawarin. Da yamma na aika aka kira shi. Ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya kafa ido a kan tabarma. Shekara uku yana auren 'yata, ban jin ya san kalar idona. Na tambaye shi mai nawa motar ke sha.

"Baba, in ta cika, lita goma sha huɗu a kilomita ɗari," in ji shi.

Na zaro biro. Daga Garwa zuwa Ngaundere, daga can zuwa Meiganga, kilomita ɗari huɗu da arba'in ne, ko kusa da haka. Zuwa da dawowa, ɗari takwas da tamanin. Na buga, na soke, na sake bugawa, ya ba ni lita ɗari da ashirin da uku da 'yan kai. Na cika shi ɗari da ashirin da biyar saboda hawan dutsen Ngaundere. Kuɗinsa jaka casa'in cif, wato sefa dubu casa'in. Na raba gida goma sha takwas, kowa jaka biyar. Na daɗe ina kallon takardar, ina jin tausayin gwamnati da ta rasa ni.

Surukina ya ɗan motsa, ya ce, "Baba, duka za a karɓa tun daga nan?"

Na ce wannan aikin manya ne. Ya ce to. Matarsa tana da ciki wata takwas a lokacin, kuma na san yana da jaka ashirin da ya fara ajiyewa don ragon suna, domin a wurina ya ba da ajiyar, na mayar masa ranar da zai gyara taya, bai gyara ba ya riƙe abinsa.

Kashegari na kai lissafi mahauta. Sarkin fawa ya ɗauki kuɗin shingen hanya da abincin direba a kansa. Saura jaka biyar-biyar. Nan wani tsohon mahauci, abokina tun muna wanke hanji a bakin kogin Binuwai, wanda bai taɓa taka ƙofar lakkol ba kuma yana alfahari da hakan, ya ce, "Metir, ka taɓa ganin na biya saniya kafin in sayar da namanta?"

Na ce ban taɓa ganin ya biya ba ko bayan ya sayar.

Aka yi dariya, amma maganarsa ta shiga. Mahauci yana karɓar saniya da safe ne, ya biya da yamma. Ka ce masa ya biya dawowar da bai riga ya dawo ba, kamar ka zage shi ne. Aka tsayar: jaka biyu da rabi a Garwa, jaka biyu da rabi a Meiganga. Na duba takardata na ga rabi da rabi ɗaya suke bayarwa, na sa hannu.

Muka tashi bayan sallar asuba. An tara jaka arba'in da biyar, aka juye su duka a tanki, lita sittin da biyu da rabi. Tafiya ta yi daɗi. Aka ci gyaɗa, aka ci naman waɗanda ba su zo ba. Da muka fara hawan dutse motar ta shiga nishi kamar tsohuwar saniya, abokina ya ce in karanta mata takardar ko za ta ji ƙarfi. Muka isa Meiganga kafin magariba, allurar mai tana kwance a ƙasa kamar yadda na lissafa. Na nuna wa kowa ita, har da wanda bai tambaya ba.

Alhaji dillali ya karɓe mu da zamzam da dabino da tuwo. Makka ta tausasa masa zuciya. Yana cikin raba tasbaha sai ya ce kasuwar shanu za ta ci jibi, duk wanda ya tsaya zai ba shi shanu a kan farashin da bai taɓa bayarwa ba, ya bi babbar motar shanu ya koma gida. Ni kuwa ina can ina gwada hula, ban ji ƙarar da lissafina ya yi ba lokacin da ya faɗi.

Da safe muka taru a gindin motar. Na buɗe takarda na fara kiran suna. Mutum goma suka miƙo jaka biyu da rabi. Takwas, masu jiran kasuwar shanu, suka tsaya gefe, hannu a baya, suna yi mana addu'ar sauka lafiya. Abokina yana cikinsu.

Jaka ashirin da biyar ke hannuna. Hanya kuwa tana nan yadda muka bar ta jiya, jaka arba'in da biyar take nema. Na ja surukina bayan mota, na yi masa bayani irin na masana: tunda mutane sun ragu kusan rabi, ai mai ma zai ragu kusan rabi.

Ya kalli tayar baya ya ce, "Baba, motar ta fi mu nauyi. Kanta take ɗauka, mu ƙari ne. In an rage mutum takwas, ga gangara, wataƙila mu tsira da lita biyar ko shida."

"Wannan kuɗin fa, ina zai kai mu?"

"Lita talatin da biyar ne, saura kaɗan. Za mu sauka dutse, mu wuce garin Mbe, sai mu tsaya a daji."

Na sake zaro biro. In mutum goma ne za su ɗauki man, kowa jaka huɗu da rabi ke nan. Na je na faɗa. Wani mai sayar da kayan ciki ya ce shi jaka biyar aka ce masa tun a Garwa, a gaban sarkin fawa, kuma bai ga abin da ya ƙaru a jikinsa ba da za a ƙara masa kuɗi. Gaskiyarsa. Na juya ga takwas ɗin. Abokina ya ce, "Metir, kujerar da ban zauna ba zan biya? A wane aji aka koya maka wannan, na farko ko wanda ka maimaita?"

Ina tsaye tsakanin masu gaskiya goma da masu gaskiya takwas, sai na hango surukina ya ba mu baya, ya sa hannu a aljihun ciki yana ƙirga wani abu da yatsa ba tare da ya fito da shi ba. Na san abin da ke aljihun, na san adadinsa. Zai zuba shi a tanki, ya kai mu Garwa, ya durƙusa ya yi mini sannu da hanya, kuma har abada ba zai ce komai ba. Ragon jikana ne zai ƙone a hanyar Mbe saboda ilimina.

Na mayar da biro aljihu. Na ce wa abokina, "Watandar sallar bara, wa ya raba?"

Watanda ita ce mutane su haɗa kuɗi su sayi saniya ɗaya, a kasa naman kashi-kashi daidai yawansu. Ya ce shi ya raba, kamar kullum.

"Da mai shayin nan ya sa suna, ranar yanka ya tafi Marwa, ka yafe masa kasonsa?"

"Ina fa. An riga an yanka saniya da sunansa. Na aika masa namansa gida, na karɓi kuɗina."

"To wannan motar saniya ce. Kashi goma sha takwas muka kasa ta a Garwa, kuma da sunanka aka yanka."

Sarkin fawa ya yi dariya har ya dafa ƙofar mota. Takwas ɗin suka kalli juna. Ɗaya ya ce in haka ne, shi ma a kai masa kasonsa gida: kujerarsa ce, zai ɗora mata buhun garin rogo. Nan da nan aka bazama kasuwa. Kafin hantsi kujeru bakwai sun cika da garin rogo, da doya, da galan na zuma, kowane da sunan mai shi da na unguwarsa, kowane ya biya jaka biyu da rabi kamar mutum. Buhu ya fi wasu daga cikinsu ladabi a mota, ba ya neman a tsaya masa.

Bakwai na ce. Abokina ya ƙi. Ya ce hujjata daidai ce, amma shekara hamsin bai taɓa yarda da maganata ba, ba zai fara a garin mutane ba. Na ciro jaka biyu da rabi daga aljihuna na sayi kujerarsa, na ce ya sani duk tsawon hanya a kanta zan ɗora ƙafafuna. Ya ce in cire takalmi.

Aka zuba man jaka arba'in da biyar. Na zauna tsakanin doya da zuma, ƙafa a miƙe kamar sufurfe, hakimin gwamnati. Muka shiga Garwa da la'asar sakaliya, muka bi unguwa-unguwa muna sauke fasinjojin da ba su da baki. Gangara ta bar mana 'yan litoci a tanki, na ce surukina ya riƙe, ladan kwana biyun da ya rasa a layin Marwa, inda yake jigila, ko da yake ba su kai ba.

Da ya kawo ni ƙofar gida na ce masa, "Tun a zaure ka hango wannan, ko?"

Ya kalli sitiyari. "Baba, na taɓa kai mahauta Meiganga."

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki 'yata ta haifi namiji. Jaka ashirin ɗin nan ita ce kafin alƙalamin ragon, ni na je kasuwa na zaɓo shi. Abokina ne ya feɗe, ya ƙi karɓar ladan fiɗa, amma ya tafi da kai da ƙafafu, ya ce kuɗin kujerarsa da na taka ne.