Sabulu da Fitilu

A farkon shekarun 'yancin kai, ni da yayana muna da kanti a Gidan Rumji. Ya so mu ƙaro fitilu daga Maraɗi, wai ribarsu ta fi tsoka. Na ɗauko littafin kaya, na raba abin da muka sayar a shekara da matsakaicin ajiyarmu, kowane kaya daban.

Na ce, "Yaya, sabulu ɗari shida muka sayar, ajiyarmu hamsin. Ya juya sau goma sha biyu, duk kwana talatin yana ƙarewa. Fitila arba'in muka sayar, ajiyarmu ashirin. Sau biyu ke nan, sai ta yi wata shida a kwance."

Ya jinjina kai, ya ce, "Saro sabulun." Tun ranar ni nake zuwa sari.